Ku Daina Goge Ɗigon Da Ya Ware

Sau uku ke nan a kakar bana ana kawo mini rahoton masara, in ƙirga ɗigogin da ke kan zane in tarar babu guda. Takarda ta ce gonaki 11 aka auna, zane kuma ya nuna 10. Da na tambayi yaron da ya haɗa na ƙarshe, sai ya ce: "Malam, wannan ɗin yana ɓata mana layi ne, shi ya sa na cire." Haba jama'a! An aike ku gona ne ku ƙawata layi?

'Yan'uwana masu tattara bayanan ƙungiyoyin manoma, na san wahalar da kuke sha a rana, Allah ya saka muku. Amma ku zauna mu duba zanen nan tare.

Kowane ɗigo gona ɗaya ce. A ƙasa, daga hagu zuwa dama, buhunan takin da aka zuba wa hekta ɗaya, daga 1 zuwa 8. A gefe, daga ƙasa zuwa sama, buhunan masarar da aka samu. Gonaki goma sun hau kamar matakala: mai buhu 1 na taki ya samu wajen 15, mai buhu 8 ya samu 41. Layin da aka ja ta tsakiyarsu yana cewa duk ƙarin buhu ɗaya na taki yana tafiya da ƙarin buhun masara kusan 4.

Hawan layi daban, ƙarfin alaƙa daban. Ƙarfin alaƙa ana ganinsa ne a yadda ɗigogin suka matso jikin layin. In sun manne masa, alaƙa ta yi ƙarfi; in sun watse kamar an watsa wa kaji tsaba, ta yi rauni ko da layin ya hau. Lambar da ke auna wannan ita ce r, tana tsakanin -1 da 1, kuma sifili na nufin babu alaƙar miƙaƙƙen layi. A Excel, in buhunan taki suna ginshiƙin A, na masara kuma suna ginshiƙin B, haka ake samunta:

```
=CORREL(A2:A12,B2:B12)
```

To ga gona ta 11, can ƙasa a kusurwar dama ita kaɗai. Buhu 8 na taki ta ci, masara buhu 12 ta bayar, alhali layin sauran gonakin ya ce wajen 42 ya kamata. Giɓin buhu 30 ke nan. In babu ita, r ya kai 0.9. In an saka ta, ya faɗo zuwa kusan 0.5, layin ma ya ɗan kwanta, ƙarin buhu 4 ɗin nan ya koma biyu da 'yan kai. Da yake tana can ƙarshen zane, ta fi ɗigon tsakiya ƙarfin janyo layi. Wannan 0.9 ɗin ne ya ruɗi yaron har ya danna goge.

Ni kuwa babur na hau na tafi ƙauyen. Baba mai gonar ya kai ni har kunya, ya nuna mini busassun karan wuta-wuta a gindin masara, ko ina ka taka akwai su. Ya ce tun masarar tana gwiwa ta tsaya cak, ganye ya yi ruwan ɗorawa, shi kuma yana ta ƙara taki da kuɗin bashi. Wuta-wuta tana kama saiwa tun a ƙarƙashin ƙasa, kafin ka ga furenta ta riga ta yi ɓarna. Da ɗigon nan ya tafi yadda aka so, da baɗi mu sake ce wa dattijon nan ya ƙara taki, irin ciyawar kuma iska da garma su kai shi gonar maƙwabci. Shi ya sa raina yake ɓaci. Mutum kuke gogewa, da gonarsa da bashinsa.

Ban ce ba a taɓa gyara ɗigo ba. Wani lokaci kuskurenmu ne. In kun ga ɗigo ya ware:

- Ku koma takardar asali, ƙila 42 aka rubuta aka karanta 12.
- Ku tambayi girman gonar. Eka ce ko hekta? Hekta ɗaya eka biyu da rabi ce kusan.
- In lambar daidai ce, ku je gonar da ƙafarku.
- Ku kawo r guda biyu, da ɗigon da kuma babu shi, ku rubuta dalili a ƙasa.

Kada kuma wani ya miƙe layin nan ya ce buhu 15 na taki zai ba da 70. A buhu 8 awonmu ya tsaya, layin ma nan ya tsaya.

Daga wannan makon, duk rahoton da ya zo teburina zan ƙirga ɗigoginsa kafin in sa hannu. In ɗaya ya ɓace, tare za mu je neman gonar.