Sauya tufafi a tsohon hoton iyali ba tare da an taɓa fuska ba

Muna da hoton kakanmu da iyalansa na wajejen 1970, baƙi da fari, har ya yi ja-ja don tsufa. Yana sanye da ƙaramar shat, mu kuma muna son a ga shi cikin babbar riga. Zai yiwu ba tare da fuskarsa ta canza ko hoton ya koma kamar sabo ba?

Zai yiwu, kuma kun yi sa'ar ɓangaren da ya fi sauƙi. Babbar riga ta fi shat faɗi, don haka za ta rufe tsohuwar rigar gaba ɗaya, har ta ɗan hau bangon da ke baya. Da akasin haka kuke so, wato a cire babbar riga a sa shat, sai an ƙirƙiro hannuwa da kafaɗu da bangon da rigar ta ɓoye, kuma a nan ne aiki ya fi lalacewa.

Abin da za a riƙe tun daga farko shi ne, sabuwar rigar ce za a tsufar har ta yi daidai da hoton. Ba a goge hoton don ya kamo rigar. Yawancin hotunan da ake gani sun yi kama da an liƙa kan mutum a jikin wani, matsalarsu ke nan: riga tana da kaifi da baƙi mai ƙarfi irin na kyamarar yau, fuska kuwa ta dushe.

Hoton da muka ɗauka da waya ya isa, ko sai an sake sikanin?

A sake, in dai asalin takardar tana hannu. A yi sikanin a 600 dpi, a ajiye shi a TIFF. Hoto mai girman katin gaisuwa, inci uku da rabi a inci biyar da rabi, zai ba da fiksel 2100 a 3300, wanda ya wadatar a yi aikin wuya da kyau. A zaɓi sikanin mai launi ko da hoton baƙi da fari ne, domin jan nan na tsufa launi ne, kuma shi za a ɗeba a shafa wa rigar. A kashe duk wani gyaran da na'urar ke yi da kanta, kamar ƙara kaifi da share ƙura. Wanda aka turo ta WhatsApp kuwa an riga an matse shi, ƙwayoyin hoton sun tafi.

Ta yaya za a tabbatar fuskar ba ta motsa ba?

Ta hanyar ƙin taɓa ta sam. A Photoshop, a kulle leyar asali a ƙasa. A kwafe ta, a ɗora kwafin a can sama, a sa masa Layer Mask wanda zai bar kai da wuya da tafin hannu kawai, haɗe da duk abin da ke gaban mutumin, misali kan yaron da ke zaune a gabansa. Rigar za ta shiga tsakanin waɗannan leya biyu. Da haka duk abin da aka yi wa rigar ba zai kai ga fuska ba. Idan an gama, a ɗora asalin hoton a sama a mai da shi Difference: duk wurin da bai canza ba zai yi baƙi ƙirin. In an ga ɗigon haske a kan fuska, to wani gyara ya tsallaka.

Ina za a samo rigar da za a saka?

Mafi kyau a ɗauki hotonta da kanku. A samu wani mai irin jikin kakan, ya sa babbar riga, ya zauna ko ya tsaya daidai yadda yake a hoton, kyamara a tsayin da aka ɗauki na asali. Kafin a ɗauka, a dubi inuwar hanci da ta ƙarƙashin haɓa a tsohon hoton. Idan inuwar ta faɗi dama, haske daga hagu ya zo, sai a tsayar da mai rigar taga tana hagunsa a yadda ake kallon hoton. Ana iya lanƙwasa riga a kwamfuta da Warp ko Puppet Warp ta zauna a kafaɗa, amma juya hasken da ke cikin ninkin yadi aiki ne mai wuya ƙwarai. Hotunan intanet galibi a nan suke faɗuwa.

A kula da zamani kuma. Shadda mai ƙyalli da aikin kwamfuta na yanzu za su tona asiri ko da an haɗa su da kyau. Riga marar sheƙi mai aikin hannu, irin aska biyu ko aska takwas, ta fi dacewa. In akwai tsohuwar rigarsa a adaka, babu kamarta. Kada a manta da 'yar ciki, domin wuyan babbar riga a buɗe yake, kwalar shat ɗin za ta leƙo in ba a rufe ta ba.

To yaya ake tsufar da rigar?

Da farko a cire mata launi. Sannan a auna hoton na asali da Eyedropper, a duba Info. Ma'aunin haske yana tafiya daga 0, baƙi ƙirin, zuwa 255, fari fat. Tsohon hoto ba ya kaiwa ko ɗaya daga cikinsu. A ce wuri mafi duhu, kamar gashi ko takalmi, ya nuna 45, wuri mafi haske, kamar farin mayafin kaka, ya nuna 215. Sai a buɗe Levels a kan rigar, a sa 45 da 215 a Output Levels. Wannan mataki ɗaya yana kawar da fiye da rabin alamar liƙi. Duk irin waɗannan gyare-gyare a ɗaure su da leyar rigar ta Clipping Mask, don kada su zubo kan sauran hoton.

Sai kaifi. A zuƙo hoton a dubi gefen rigar wani da ke tsaye kusa da shi, a sa wa sabuwar Gaussian Blur, a fara da fiksel ɗaya ana ƙarawa, har gefenta ya yi laushi daidai da nasa. Bakin Layer Mask ɗin ma a tausasa shi haka, musamman a wuya.

Launin tsufa kuma daga hoton za a ɗebo shi, kada a dogara da sefiyar da ke cikin manhaja. A ɗebi launin tufafin wani a hoton, a cika sabuwar leya da shi, a mai da ita Color. Tsofaffin hotuna ba sa dushewa bai ɗaya, sau da yawa gefe ya fi tsakiya ja, don haka a ɗeba daga kusa da inda rigar take.

Na ƙarshe ƙwayoyi da saƙar takarda. Add Noise mai Gaussian da Monochromatic yana aiki in an ɗan dusashe shi bayan an sa, amma na fi son a aro na hoton kansa. A kwafi wani fili na bango wanda babu zane, a cire masa launi, a sa High Pass kamar fiksel uku, a ɗora a kan rigar a Overlay. Wasu takardun hoto na shekarun 1970 suna da saƙa kamar gidan zuma, kuma Add Noise ba zai kwaikwaye ta ba.

Akwai layin karyewa da ya ratsa ƙirjinsa. A share shi?

A bar shi, kuma a mayar da shi saman rigar. Layin da ya taso daga bango ya ɓace a bakin riga ya sake ɓullowa a ɗaya gefen, ko yaro zai gane an yi aiki. A yanko shi daga asali, a ɗora a sama a Lighten. Idan rigar fara ce har layin bai fito ba, a kwafo wani yanki nasa daga bango da Clone Stamp a haɗe shi. A ƙara 'yar inuwa ƙarƙashin haɓa da inda hannu ya kwanta a kan yadi, da burushi mai laushi a leyar Multiply, ƙarfinsa kamar kashi goma cikin ɗari, ana maimaitawa a hankali.

Idan an buga, sai mu rataye a matsayin asalin?

Ku rataye, amma ku rubuta a bayansa cewa an sauya rigar, da shekarar da aka yi. Jikoki za su ɗauka haka ya yi shiga ranar, kuma wata rana wani zai kafa hujja da shi. Ku ajiye sikanin na asali da fayil ɗin PSD mai leyoyinsa daban da wanda aka buga. A wurin bugawa ku ce kada su yi masa gyaran launi, don injinsu yana iya ɗaukar jan tsufan a matsayin aibi ya wanke shi. Ku zaɓi takarda marar ƙyalli, ku fara buga ƙarami ku ajiye kusa da na asali a hasken rana kafin ku biya kuɗin babba.