Kaya Sun Zo da Aibi: Yadda Ake Rubuta Imel ɗin Ƙin Karɓa

Na riga na kira wanda ya sayar mini da kayan a waya, sai na kuma rubuta imel?

Sai ka rubuta. Maganar waya ba ta da kwanan wata, ba ta da shaida. Ranar da aka zauna sulhu cewa zai yi bai ji haka ba.

Yaushe zan tura?

Ranar da aka sauke kayan, in dare ya yi to washegari da safe. Kullum sai na faɗi wannan, kullum sai wani ya zo mini bayan sati uku.

Me zan rubuta a ciki?

Mu ce katan 200 na tayil mai 60 da 60 ka saya daga Legas, aka sauke maka a Kano. A gurbin Subject ka sa lambar oda da kalmomin "ƙin karɓar kaya". Bayan gaisuwa sai ka ce: "Alhaji, kayan sun iso jiya Talata. Mun buɗe katan 200 a gaban direba. Katan 34 a farfashe suke. Katan 50 launinsu ya fi samfurin da ka aiko duhu, lambar rukunin da ke jikinsu ma ta bambanta da ta sauran. Ban karɓi waɗannan 84 ba. Ina so a musanya su kafin Alhamis ta sama, kuɗin mota a kanku. In hakan ba zai yiwu ba, a mayar mini da kuɗinsu. Suna ajiye a sito, ba a taɓa su ba." Ka haɗa da hotuna, kowanne lambar katan ta fito a ciki.

Na rubuta masa cewa kayan ba su da kyau, bai amsa ba.

Me zai amsa? "Ba su da kyau" ra'ayinka ne. Ka ƙirga, ka auna, ka faɗi inda suka saɓa wa abin da kuka yi ciniki a kai.

Na sa hannu a takardar direba, har na sayar da katan goma kafin in ga matsalar. Zan iya mayar da sauran?

To, nan ne ake jin jiki. Sa hannun kaɗai bai cika kashe magana ba, musamman in kaya a rufe suke, tunda mai saye yana da damar ya duba abin da aka kawo masa. Amma ya danganta da abin da ke rubuce a saman sa hannun naka. In takardar ta ce an karɓa cikin ƙoshin lafiya, ka ba shi abin riƙewa a kan fasassun, don zai ce a sitonka suka fashe. Shi ya sa nake cewa a rubuta "ba a duba ba tukuna" kusa da sa hannu.

Sayarwar ta fi nauyi. A dokar cinikin kaya ta 1893 da muka gada daga Ingila, wadda dokokin jihohi da dama suka bi sawunta, in ka yi da kaya abin da mai su kaɗai ke yi, kamar sayarwa, ko ka riƙe su tsawon lokaci ba ka ce uffan ba, ana ɗauka ka karɓa. A fikihun Malikiyya ma wanda ya ga aibi ya ci gaba da amfani da kaya ya nuna yarda. Kai ka sayar kafin ka gani, wannan yana taimaka maka, sai dai ba zan ce maka ya wanke ka gaba ɗaya ba. Sau da yawa abin da ke saura shi ne neman ragin kuɗi ko diyya maimakon mayar da kaya duka.

Don haka ka daina sayarwa yau. A imel ɗin ka faɗi gaskiya cewa goma sun fita kafin a gano aibin, kada ka ɓoye, zai ƙirga. Ka nemi musanyar masu aibin, ka buɗe ƙofar ragi. In kuɗin da yawa, ko akwai yarjejeniya a rubuce mai wa'adin ƙorafi, ka kai wa lauya ita kafin ka tura komai.

In ɗora su a mota in mayar masa?

A'a. Sanar da shi ne naka. Ka adana su inda ruwa ba zai taɓa su ba, ka jira ya ce ga motar da za ta ɗauka. In sun ƙara fashewa a hanya, a wuyanka.

Hotunan sun ƙi tafiya.

Gmail ba ya ɗaukar abin da ya wuce 25 MB a saƙo ɗaya. Raba su gida biyu.

Raina a ɓace yake, in gaya masa cuta ce?

Kada ka soma. Wataƙila a hanya aka fasa su, shi ma bai sani ba. Kwantar da hankalinka, mafi yawan irin wannan da musanya ake ƙarewa, kuma wata mai zuwa wurinsa za ka koma sari.