Ma'anar Matsakaiciyar Ƙimar Fankishin a Kan Tazara

Idan ana neman matsakaicin lambobi biyar, tara su ake yi a raba da biyar. To, yaya za a yi da abin da yake sauyawa a kowane lokaci, kamar gudun mota, wanda ƙimominsa ba su ƙirguwa? A ilimin kalkulas, intigiral ne yake tsayawa a madadin tarawa, tsawon tazara kuma ya tsaya a madadin yawan lambobin. Saboda haka matsakaiciyar ƙimar fankishin f, wato ƙa'idar da take ba kowace lamba x ƙima guda f(x), a kan tazarar da ta tashi daga a zuwa b ita ce:

(1/(b − a)) ∫ₐᵇ f(x) dx

Misalinsa kamar tulin yashi ne da aka baje a kan faɗin da yake kai tun farko, har samansa ya daidaita. Yashin bai ƙaru ba kuma bai ragu ba, tsayin da ya tsaya a kai shi ne matsakaiciyar ƙimar.

A ɗauka mota ta tashi daga tsaye, gudunta bayan daƙiƙa t shi ne v(t) = t² mita a daƙiƙa, kuma ana duba daƙiƙa 3 na farko. Intigiral ɗin t² shi ne t³/3, wanda daga 0 zuwa 3 yake ba da 27/3, wato mita 9, nisan da motar ta ci ke nan. Idan aka raba 9 da tsawon tazarar, wato 3, za a sami mita 3 a daƙiƙa.

A nan ne ɗalibai suka fi yin tuntuɓe, domin sai su haɗa gudun farko, 0, da na ƙarshe, 9, su raba biyu su sami 4.5. Hanyar gane kuskuren mai sauƙi ce: gudun 4.5 na tsawon daƙiƙa 3 zai ba da mita 13.5, alhali mita 9 kaɗai motar ta ci.

Ƙa'idar matsakaiciyar ƙima ta intigiral ta ƙara da cewa matuƙar fankishin ba ya yankewa daga a zuwa b, akwai aƙalla wuri ɗaya, c, a cikin tazarar inda f(c) yake daidai da wannan matsakaici. Dalili kuwa shi ne matsakaicin yana tsakanin ƙima mafi ƙanƙanta da mafi girma, kuma zanen fankishin da ba ya yankewa ba zai tashi daga ɗaya zuwa ɗayar ba tare da ya ratsa duk abin da ke tsakaninsu ba. A misalinmu c² = 3, wato c = √3, kimanin daƙiƙa 1.73, wanda ya ɗan wuce tsakiyar tazarar, 1.5, saboda motar ta fara ne a hankali.

Sharaɗin rashin yankewa shi ne abin da nake ganin ya fi cancantar a riƙe. Fankishin da yake 0 daga 0 zuwa 1, sannan ya yi tsalle ya koma 1 har zuwa 2, matsakaicinsa 1/2 ne, amma babu wuri ko ɗaya da ƙimarsa ta zama 1/2.