Wa'adin haya ya cika, ɗan haya bai tashi ba: daga ina dokar ta samo asali?

Tsohuwar dokar Ingila ba ta da sassauci ga wanda wa'adinsa ya ƙare ya ƙi fita. A 1730 aka yi dokar da ta ce duk wanda ya ci gaba da zama da gangan bayan an nemi ya tashi a rubuce, zai biya ninki biyu na ƙimar hayar wurin. Daga can Najeriya ta gaji tsarin haya a zamanin Turawa, amma sannu a hankali dokokinmu suka karkata wajen kare ɗan haya. Wanda ya shiga gida da izini, ko wa'adinsa ya cika, kotu ce kaɗai ke fitar da shi. Mai gidan da ya canza kwaɗo ko ya kware kwanon rufi, shi zai koma wanda ake ƙara.

Inda aka daɗe ana kai ruwa rana shi ne matsayin mai zaman. A shari'ar Odutola da kamfanin Papersack, Kotun Ƙoli ta yanke a 2006 cewa kamfanin na zaune ne bisa ganin damar mai gida, biyan kuɗin shekara kaɗai bai mayar da shi ɗan hayar shekara ba. Bambancin ba ƙarami ba ne: mai zama bisa ganin damar mai gida notis ɗin mako guda ya ishe shi, ɗan hayar shekara kuwa sai na wata shida. Dokar haya ta Legas ta 2011 ta ƙara fayyacewa: idan yarjejeniya ta yanke ranar ƙarewa, ba sai an ba da notis ɗin tashi ba, sai dai na kwana bakwai mai sanar da niyyar zuwa kotu.

A ce shago ne na naira 600,000 a shekara, wa'adi ya cika 31 ga Disamba, ɗan haya bai fita ba sai ƙarshen Afrilu. Wata huɗun nan ba kyauta ya zauna ba. Kotu kan lissafa diyyar zama, 50,000 a wata, wato 200,000, tana iya fin haka idan mai gida ya kawo hujjar cewa haya ta tashi a unguwar. Amma idan a Janairu ya karɓi kuɗin shekara cif ya yanka rasit ba tare da wani sharaɗi ba, ya ba ɗan haya damar cewa an ɗaura sabuwar haya. A nan masu gida da yawa ke yi wa kansu, don kuɗi a hannu wuyar mayarwa gare shi.

Shekara da shekaru kuskure kaɗan a notis kan rushe ƙara baki ɗaya, a koma farko. A 2021, a shari'ar Pillars da Desbordes, Mai Shari'a Ogunwumiju ta Kotun Ƙoli ta ce sammacin neman gida shi kansa sanarwa ne, yana gyara tangarɗar notis. Lauyoyi dai har yanzu na muhawara kan iyakar wannan magana, shi ya sa mai gida mai lura bai daina aika takardar kwana bakwai ba.