Cire sitata kaɗai ba ya isa a saka dogon ƙwan LED

An daɗe ana ɗauka cewa kowane dogon ƙwan LED zai hau tsohon gidan fulorasan muddin an zare sitata, wato ɗan abin da ke tayar da ƙwan fulorasan, kuma cok ɗin da ke ciki, mai daidaita wutar da ke shiga ƙwan, ba ya cutar da komai. Wannan kuskure ne, domin cok na maganaɗisu yana ci gaba da cin wuta yana ɗaukar zafi, na lantarki kuwa yana fitar da wuta mai ƙarfi wadda kan ƙone ƙwan da aka ƙera don karɓar 230V kai tsaye.

A ɗauki gidan dogon ƙwai samfurin T8 mai tsawon ƙafa huɗu. Da farko a kashe wutar daga babban makunni, sannan a gwada da mita, saboda makunnin bango wani lokaci nutural yake yankewa. Bayan haka a cire cok da sitata da kafasita, a rufe bakin kowace waya, a bar wayar ƙasa a jikin ƙarfen.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne wajen haɗi. Idan ƙwan daga gefe ɗaya yake cin wuta, inda aka rubuta L da N, wato waya mai wuta da nutural, dole ramuka biyu na soket ɗin su kasance a rabe, wanda mita za ta nuna. In a haɗe suke, wayoyin za su gamu, wuta ta yi tartsatsi. Mai cin wuta ta gefe biyu kuwa, L gefe guda, N ɗaya gefen. A manna takarda cewa babu cok, kada wani ya mayar da tsohon ƙwai.