Hanyar duwal simfiles

Duwal simfiles wata dabara ce ta warware matsalolin liniya furogiramin, wato lissafin da ake neman riba mafi yawa ko asara mafi ƙaranci ƙarƙashin wasu sharuɗɗa da aka gindaya. An fi jin sunanta ne idan an riga an gama lissafi an samu amsa mafi kyau, sai daga baya wani sabon sharaɗi ya shigo ya yanke amsar, to maimakon a koma tun daga farko sai a ɗora daga inda aka tsaya. Bambancinta da simfiles na asali shi ne, shi na asali kullum yana cikin yankin da sharuɗɗa suka halatta yana hawa sannu a hankali har ya kai ƙololuwa, ita kuwa duwal daga waje take tasowa, da amsar da ta fi ƙarfin abin da zai yiwu, tana sakkowa har ta taka wurin da ya halatta, kuma wurin farko da ta taka ɗin nan shi ne amsar.

Tarihi

George Dantzig ne ya fito da simfiles a 1947 lokacin yana aiki da rundunar sojin saman Amurka, kuma wajen wannan lokacin ne John von Neumann ya nuna cewa kowace irin wannan matsala tana da abokiyar tagwaitakarta da ake kira duwal, wadda Gale da Kuhn da Tucker suka tabbatar da ƙa'idarta a rubuce a 1951. Carlton Lemke, ɗalibin Abraham Charnes a kwalejin fasaha ta Carnegie da ke Amurka, shi ya buga hanyar duwal a 1954, kuma a shekarar Martin Beale a Ingila ya fito da wani abu mai kama da ita, shi ya sa wasu ke haɗa sunayensu biyu amma dai Lemke aka fi ambata. Ta daɗe ana ɗaukarta kamar ƴar rakiya, sai da Ralph Gomory ya kawo dabarar yanka a 1958, Land da Doig kuma suka kawo ta rarraba matsala reshe-reshe a 1960, sannan aka ga amfaninta sosai, don duka biyun aikinsu kenan, ƙara sharaɗi a sake warwarewa, a ƙara a sake. Daga wajen farkon shekarun 1990, musamman bayan aikin Forrest da Goldfarb na 1992 kan yadda ake zaɓar layin da zai fita, ta zama ita ce manhajoji da yawa ke fara gwadawa.

Misali

A ce kafinta ne yana yin tebur x da kujera y, ribar tebur 3 ta kujera 2, wurin ajiyarsa guda 8 kawai yake ɗauka, awowin aiki kuma 12 ne, tebur na cin 2 kujera na cin 1. Idan aka sa s1 da s2 su zama rarar wuri da rarar lokaci, z kuma ta zama jimillar riba, simfiles na asali zai ƙare a nan:

```
x = 4 + s1 - s2
y = 4 - 2s1 + s2
z = 20 - s1 - s2
```

Wato tebur 4 kujera 4 riba 20, kuma alamar cewa an kai ƙarshe ita ce duk abin da ke layin z yana da alamar ragi, ko wanne ka ɗaga riba sauka za ta yi. Yanzu sai aka ce ai katako 26 ne kacal a ƙasa, tebur na cin 4 kujera na cin 3. Tsohuwar amsa na buƙatar 28, to ta faɗi. Ba a jefa sabon sharaɗin haka nan yadda ya zo, sai an maye x da y da abin da ke sama tukuna, kuma nan ne ɗalibai suka fi yin tuntuɓe. Rararsa s3 za ta zama:

```
s3 = -2 + 2s1 + s2
```

Layin z ko gezau bai yi ba, har yanzu alamominsa daidai suke, matsalar ɗaya ce tak, s3 ta faɗi ƙasa da sifili. To ita ce za ta fita. Sai tambayar wa zai shigo, kuma waɗanda za a duba su ne kawai waɗanda idan an ɗaga su s3 za ta ɗagu, a nan duka biyun ne. Sai a raba abin da kowanne ke ragewa a riba da abin da yake ƙara wa s3: na s1 ya ba da 1/2, na s2 ya ba da 1/1. Ƙarami ake ɗauka, don shi ne mai biyan bashin katakon da araha, saboda haka s1 ta shigo:

```
s1 = 1 - 0.5s2 + 0.5s3
x = 5 - 1.5s2 + 0.5s3
y = 2 + 2s2 - s3
z = 19 - 0.5s2 - 0.5s3
```

Tebur 5 kujera 2 riba 19, babu sauran mai ragi a cikin amsoshin, layin z ma lafiya lau, musaya ɗaya an gama. Abin lura tebur ƙaruwa ma ya yi duk da shi ya fi cin katako, irin abin da ba lalle mutum ya hango da ka ba.

Da a ce an yi kuskure an shigo da s2, za a faɗa kan tebur 2 kujera 6, wanda ya cika sharuɗɗa duka kam, amma layin riba zai koma z = 18 + s1 - s3. Wannan alamar tarawa da ta ɓullo gaban s1 ita ce shaidar an kauce, an samu halattacciyar amsa amma an saki mafi kyau, kuma dalilin gwajin rabon kenan gaba ɗaya.

Yadda ake gane matsala

Riba ba ta taɓa hawa a wannan hanya idan ana neman mafi yawa, ko ta sauka ko ta tsaya cak, to duk wanda ya ga z ta haura bayan ƙara sharaɗi ya koma ya duba lissafinsa. Wannan hali ma riba ce ga masu rarraba matsala reshe-reshe, don da zarar z ta sauka ƙasa da amsar da suke riƙe da ita sai su watsar da reshen ba sai sun ƙarasa ba.

Idan kuma layin da zai fita ba shi da ko ɗaya mai iya ɗaga shi, to babu amsa ke nan sam. Misali a ce wa kafintan dole ya yi kaya aƙalla 9, layin zai fito s3 = -1 - s1, ba yadda za a yi ya kai sifili.

Akwai kuma inda ake yin kunnen doki a gwajin rabo, ko wani abu a layin z ya zama sifili, sai a yi ta musaya riba ba ta motsi, wani lokaci har a riƙa zagaye wuri ɗaya. Dokar Bland ta 1977 tana hana zagayen a ƙa'idance, amma a aikace manhajoji sun fi son ɗan girgiza farashin kaɗan sannan su gyara daga baya.

Iyakarta

Tana buƙatar layin z ya kasance daidai tun daga farko. Ƙara sharaɗi ko canza adadin kayan da ake da su ba ya taɓa wannan, amma idan farashi ne ya canza ko aka ƙaro sabon kaya, aikin simfiles na asali ne. Batun wacce ta fi sauri a kan sabuwar matsala, tsakaninta da hanyoyin da ke ratsawa ta tsakiyar yanki, ya danganta da girman matsalar da fasalinta.

A manhajoji

Tana cikin CPLEX da Gurobi da HiGHS da GLPK. A Gurobi ana zaɓarta da `Method=1`.