Kwana 60 na haɗa fayil ɗin odit ba ƙarin wa'adin bincike ba ne

Magana biyu ke yawo tsakanin matasan oditoci, kuma duk kuskure ne. Wasu na cewa bayan an sa hannu a rahoto akwai sauran kwana 60 na ƙarasa bincike. Wasu kuma sun tsorata, wai da zarar an rufe fayil, ko waƙafi ka taɓa ka yi laifi.

Ƙa'idar ISA 230, ƙa'idar ƙasa da ƙasa kan ajiye bayanan aikin odit, wadda ake aiki da ita a Najeriya, ta shafi duk mai binciken asusun kamfani daga waje. Ita ce ta ce a gama haɗa fayil ɗin takardun aikin, galibi cikin kwana 60 daga ranar rahoto. Ma'auninta shi ne gogaggen odita da bai taɓa ganin aikin ba ya buɗe fayil ya gane abin da aka yi da abin da aka samu, ba sai an yi masa bayani da baki ba. Saboda haka rubuta "an duba bauca, daidai ne" bai wadatar ba. A rubuta lambar kowace bauca da kwanan watanta, da wanda ya duba, da ranar da ya gama. Tsofaffin daftari da kwafi biyu na abu guda ba sai sun shiga ba.

A ce an sa hannu ranar 31 ga Maris 2025. Kwana 60 zai cika ranar 30 ga Mayu. A tsakanin nan aikin jera takardu ne kawai. Idan wasiƙar banki mai tabbatar da kuɗin da ke asusu ta iso ranar 25 ga Maris, an duba ta, sai dai ba a sa ta a fayil ba, a sa ta. Amma idan sai a Afrilu ta iso, ba da ita aka yanke hukunci ba. Dole a rubuta yadda aka yi, da abin da ta sauya, da wanda ya duba. Babban laifin shi ne mayar da kwanan wata baya, kuma manhajojin odit kan tona asiri, don suna ajiye lokacin da aka taɓa kowane shafi.

Duban da manya ke yi wa aikin na ƙasa da su ma haka. Ba a ce kowane shafi sai ya ɗauki sa hannu ba. A nuna wane aiki aka duba, wa ya duba, yaushe. Manajan da ya sa wa shafi ɗari uku hannu rana guda, bayan rahoto ya fita, ya rubuta shaida a kan kansa.

Bayan rufewa ana iya ƙari, muddin an rubuta dalili da suna da rana. Goge abin da ke ciki ne aka hana, har tsawon aƙalla shekara biyar daga ranar rahoto, wato Maris 2030 a misalinmu, in dokar ƙasa ba ta ƙara ba. A ganina biyar ɗin ma ta yi kaɗan, domin almundahana kan daɗe ba ta ɓulla ba, kuma ranar da aka kai ƙara fayil ne kaɗai zai tsaya wa odita. Amurka ta sa shekara bakwai ga kamfanonin kasuwar hannun jari, bayan ma'aikatan kamfanin odit na Arthur Andersen sun lalata takardun kamfanin makamashi na Enron a 2001.